Idan Kwastam Sun Ɗaga Darajar Kayanka: Yadda Za Ka Amsa Sabon Lissafin Kuɗin Fito

Kwantena ta iso tasha, ejan ya shigar da takardu, an biya kuɗin fito kamar yadda aka lissafa, sai ga sanarwa daga ofishin kwastam cewa ba su yarda da darajar da aka bayyana ba, sun ɗaga ta, akwai cikon da za a biya kafin a saki kaya. A irin wannan hali 'yan kasuwa da yawa kan yi ɗayan biyu: ko su biya cikin ɓacin rai don kaya su fita, ko su tsaya gardama da baki har kuɗin jinkiri ya cinye ribar. Akwai hanya ta uku da doka ta tanada, kuma da takarda ake bin ta. Jigonta shi ne ka tabbatar da kuɗin da ka biya na gaskiya ta hanyar nuna sawun kuɗin, ka amince da abin da ya hau kanka, ka ƙalubalanci ragowar a rubuce kafin wa'adi ya cika.

Za mu bi misali guda daga farko har ƙarshe. Alƙaluman na misali ne, kuma a dala za mu yi lissafin don ya zo da sauƙi. Ɗan kasuwa ya sayo fanka ta tsaye guda 1,200 daga masana'anta, kowace a kan dala 14 bisa sharaɗin FOB, wato farashin kaya har a ɗora su a jirgi. Kuɗin kaya ya kama dala 16,800. Jigilar jirgi dala 3,000, inshora dala 200. Jimillar da ya bayyana, wato darajar CIF, dala 20,000 ke nan. Mu ƙaddara kuɗin fito kashi 20 cikin ɗari ne, harajin VAT kuma kashi 10 a kan daraja da kuɗin fito a haɗe. Ya biya 4,000 da 2,400, jimilla 6,400. Sai kwastam suka ce kowace fanka dala 22 ce. Daraja ta koma 29,600, kuɗin fito 5,920, VAT 3,552, jimilla 9,472. Cikon da ake nema dala 3,072.

Fara da gano abin da aka canza

Kada ka ce uffan sai ka ajiye takardar da ejan ya shigar da sabuwar takardar lissafi kusa da juna, ka bi su layi bayan layi. Kuɗin fito yana iya tashi ta hanyoyi daban-daban, kuma kowace da irin amsarta. Ana iya ɗaga farashin kayan kansa. Ana iya barin farashin a ƙara wani abu a kai, kamar kuɗin jigila ko kamasho. Ana iya canza lambar kaya ta tsarin HS, wato tsarin lambobin da kwastam ke rarraba kaya da shi, kason harajin ya canza alhali daraja na nan yadda take. Ana iya amfani da wani farashin canjin kuɗi daban, ko a samu yawan kayan da aka gani wajen bincike ya saɓa da na takarda.

A misalinmu lambar ba ta canza ba. Fankar tebur, ta ƙasa, ta bango ko ta rufi mai injin da ƙarfinsa bai wuce wat 125 ba tana ƙarƙashin 8414.51, kuma a nan aka bar ta. Da an mayar da ita 8414.59, da magana ta koma kan ƙarfin injin, da takardar bayanin fasaha daga masana'anta ita za ta raba gardama, kuma duk hujjojin banki ba za su yi wani amfani ba. Dalilin da ya sa nake nanata wannan mataki ke nan. Ana samun mutum ya tara takardun biyan kuɗi cike da fayil, alhali abin da aka taɓa lamba ce.

Canjin kuɗi kuwa ba wajen ciniki ba ne. Ana amfani da farashin da hukumar ƙasar ta wallafa, na ranar da dokarta ta ayyana. Aikinka a nan ka duba cewa na ranar da ta dace aka ɗauka.

A ranar da sanarwa ta zo hannunka, rubuta kwanan watan, ka duba wa'adin ƙorafi da aka rubuta a jikinta ko a dokar kwastam ta ƙasar. Kowace ƙasa da nata wa'adin, amma kusan ko'ina ana ƙirga shi daga ranar sanarwa ko ranar yanke hukunci, kuma zaman tattaunawa da jami'i ba ya tsayar da shi.

Nemi dalili a rubuce

Ƙasashen da ke cikin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya suna ɗaure da yarjejeniyar ƙayyade darajar kaya ta kwastam, wadda ke aiwatar da sashe na 7 na GATT, babbar yarjejeniyar haraji da ciniki ta 1994, kuma dokokin kwastam na cikin gida daga gare ta suka ɗauko ƙa'idojinsu. Sashe na 1 na yarjejeniyar darajar kaya ya ce asalin darajar kaya ita ce kuɗin da aka biya ko za a biya a zahiri lokacin da aka sayar da su don fitarwa zuwa ƙasar da ake shigo da su, tare da wasu ƙare-ƙare da sashe na 8 ya lissafa. Abin da ka biya shi ne mafari. Farashin kasuwa, ko abin da wani ya biya, ba sa shigowa sai an nuna cewa naka ba zai karɓu ba.

Kwastam suna da cikakken haƙƙin yin shakka da bincike, sashe na 17 ya ba su. Amma shawarar da ministocin ƙasashen suka amince da ita a Marakesh a 1994 ta shimfiɗa yadda za su bi: su nemi ƙarin bayani da takardu daga mai kaya, in har shakkar ba ta gushe ba, kafin su yanke hukunci su sanar da shi dalilansu, a rubuce in ya nema, su ba shi damar amsawa, bayan sun yanke, su sanar da shi hukuncin da dalilansa a rubuce. Sashe na 16 kuma ya ba mai kaya haƙƙin samun bayani a rubuce kan yadda aka fitar da darajar kayansa, matuƙar ya nema a rubuce.

Saboda haka takardarka ta farko gajera ce. Ka sa lambar shigar da kaya, lambar kwantena da kwanan watan sanarwa, sannan ka yi tambaya biyu: mene ne dalilin ƙin karɓar farashin da na bayyana, kuma da wace hanya aka fitar da dala 22? Ka tabbata an buga wa kwafinka hatimin karɓa, ko ka adana shaidar turawa in ta na'ura ake yi. Kada ka sa zargi a ciki, kada ka sa roƙo.

Tambaya ta biyu ita ce mai nauyi, domin hanyoyin fitar da daraja shida ne kuma a jere ake bin su, ba a tsallake. Bayan farashin cinikinka sai farashin kaya iri ɗaya sak da aka riga aka karɓa, sai na masu kama da su, sai farashin sayarwa a cikin ƙasa a cire riba da kuɗaɗen da suka hau bayan isowa, sai lissafin kuɗin ƙerawa, sai hanya ta ƙarshe wadda ake sassauta waɗancan a cikinta. Mai kaya yana iya neman a musanya ta huɗu da ta biyar, ko da yake wasu ƙasashe masu tasowa sun riƙe wa kwastam ikon amincewa da hakan. Ko a hanyar ƙarshe akwai abubuwan da sashe na 7 na yarjejeniyar darajar kaya ya hana: ƙayyadadden mafi ƙarancin farashi, farashin da aka ƙirƙira, farashin kaya a kasuwar cikin gida ta ƙasar da aka sayo su, da farashin irin kayan da ake ƙerawa a ƙasar da aka shigo da su. Idan amsar da aka ba ka ita ce "haka na'ura ta nuna," wannan bai kai dalili ba. Hukumar Kwastam ta Duniya ta bayyana cewa rumbun farashi kayan aikin gano inda haɗari yake ne, yana iya sa a yi maka tambaya, amma ba ya maye gurbin farashin da ka biya.

Ka binciki kanka kafin a bincike ka

Nan ne wurin da na fi so mai karatu ya daɗe, don nan ake rasa ƙorafin da ya kamata a ci. Kafin ka ce kwastam sun zalunce ka, buɗe bayanan bankinka, ka fito da duk kuɗin da ya fita saboda wannan kaya, ko wa aka ba. Abin da doka take kira kuɗin da aka biya ya haɗa duk abin da ka ba mai sayarwa, ko ka ba wani don amfaninsa, ko yana cikin inbois ko ba ya ciki.

Ɗan kasuwarmu ya duba ya ga fita huɗu, ban da kuɗin jigila da inshora da haraji. Kafin alƙalami dala 5,040, wato kashi 30 cikin ɗari. Cikon dala 11,760 bayan an yi lodi. In ka haɗa su, 16,800 daidai da inbois. Sai wata dala 1,200 da ya tura wa masana'antar daban don ta buga masa kwalaye masu ɗauke da sunan shagonsa. Sai dala 504 da ya ba wani mutum da ya nemo masa masana'antar, ya duba kayan, ya tsaya a kan lodi.

Kuɗin kwalayen nan yana cikin daraja, babu makawa. Sashe na 8 ya ce kuɗin mazubi da na ɗaurin kaya, na aiki ko na kayan aiki, ana ƙara su idan mai saye ne ya ɗauki nauyinsu kuma ba sa cikin farashi. Ejan bai sa shi ba don ba a gaya masa ba. Darajar gaskiya ke nan dala 21,200, kuɗin fito 4,240, VAT 2,544, jimilla 6,784. Akwai cikon dala 384 da ya hau kansa da gaske, kuma ra'ayina shi ne ya faɗa da bakinsa a cikin takardar amsa. Jami'in da zai karanta bayanan banki zai ga wannan fita ta uku. In ya gano ta da kansa, duk sauran takardun sun zama abin zargi, kuma a dokokin ƙasashe da yawa wanda ya tona kuskurensa tun kafin a kama shi yana samun sassaucin tara.

Dala 504 kuwa tana buƙatar natsuwa. Yarjejeniyar ta raba kamasho biyu: na wakilin mai sayarwa ana ƙara shi, na wakilin mai saye ba a ƙarawa. Sunan da aka kira mutum da shi ba ya yanke hukunci, aikinsa ake dubawa. Shin kai ka ɗauke shi, da umarninka yake aiki, kai kake biyansa? Shin masana'antar ce ta ba ka inbois kai tsaye, ko shi ya saya ya sayar maka? In shi ya saya ya sayar maka, to shi ne mai sayarwa, kuma duk abin da ka ba shi farashi ne. In akwai rubutacciyar yarjejeniya tsakaninku da takardar neman kuɗinsa ta daban, ka haɗa su a fayil. In babu, saƙonnin da kuka yi musaya tun farkon ciniki su ne abin da zai tsaya maka.

Ka tambayi kanka sauran ƙare-ƙaren. Ka ba masana'anta wani abu kyauta ko a rangwame don ta ƙera maka kayan, kamar kwamin zuba roba, ko wani ɓangare da aka haɗa a ciki? Kana biyan wani kuɗin amfani da suna ko tambari a matsayin sharaɗin sayen? Akwai kason ribar sayarwa da zai koma wa mai sayarwa? Duk waɗannan ana ƙara su. Akwai kuma waɗanda ba sa shiga matuƙar an ware su a fili: jigila bayan isowa ƙasar, kuɗin harhaɗawa ko kafawa bayan shigowa, da harajin ƙasar da aka shigo da kayan. Jigila da inshora har zuwa tasha kuwa kowace ƙasa ita ke zaɓa. Mafi yawa suna haɗa su, wasu kamar Amurka da Kanada da Ostireliya ba sa haɗa jigilar ƙasa da ƙasa.

Tambaya ta ƙarshe: kai da mai sayarwa kuna da alaƙa? 'Yan gida ɗaya ne, abokan kamfani ne, ko ɗaya yana juya ɗaya? Alaƙa kaɗai ba ta isa a ƙi farashi ba, amma tana ba kwastam damar duba ko ta shafi farashin. In akwai ta ka bayyana, ka nuna cewa haka yake sayar wa bare.

Haɗa fayil ɗin da ke bin sawun kuɗi

Inbois shi ne takarda mafi rauni a fayil ɗinka, domin jami'in ya san kowa na iya bugawa. Abin da ke ba shi ƙarfi shi ne takardun da ba kai ka rubuta ba kuma suka yarda da shi. Jera su yadda cinikin ya gudana: saƙonnin neman farashi da tayi, takardar farashi ta farko, odar da ka bayar ko kwantiragi, shaidar banki ta kafin alƙalami, inbois na ƙarshe da jerin kaya, takardar lodin jirgi, takardar kuɗin jigila daga kamfanin jirgi, takardar inshora, shaidar biyan ciko. In mai sayarwa zai turo maka kwafin takardar da ya shigar wa kwastam na ƙasarsa lokacin fitar da kayan, ka nema, don tana nuna abin da ya faɗa wa hukumarsa.

Sannan ka karanta su da idon mai neman kuskure. Sunan wanda aka tura wa kuɗi ya zo ɗaya da sunan da ke kan inbois? Wannan shi ne tuntuɓen da ya fi yawa. Masana'anta ta ce a biya ta asusun wani kamfaninta a wata ƙasa, ko mai kaya ya ba ɗan canji kuɗi shi ya tura, sai takardar banki ta fito da sunayen da ba sa ko'ina a cikin cinikin. In haka ta faru, kana buƙatar wasiƙar mai sayarwa da ta umarce ka ka biya ta can, mai kwanan watan da ya gabaci biyan, da kuma shaidarsa cewa ya karɓi kuɗi kaza a kan inbois mai lamba kaza. Duba kuma cewa lambar samfurin fankar ɗaya ce a oda da inbois da jikin kwali, nauyin da ke jerin kaya ya dace da na takardar lodi, kuma sharaɗin ciniki bai ce FOB a wuri ɗaya ba CIF a wani.

In ka ga saɓani, ka yi bayaninsa a rubuce. Kada ka taɓa neman mai sayarwa ya sake buga takarda da tsohon kwanan wata don ta dace. Gardamar daraja magana ce ta kuɗi, takardar jabu kuwa laifi ce da ke iya kai ga ƙwace kaya da gurfana a kotu.

Warware dala 22

Mu ce amsar kwastam ta zo: sun dogara da wasu fankoki masu kama da naka da wani ya shigo da su a kan dala 22. Ba za su ba ka sunansa ba, sashe na 10 ya ɗaure su da riƙe sirrin 'yan kasuwa, kuma wannan kariya ce gare ka ma. Amma kana iya tambayar siffofin da kwatancen ya tsayu a kansu: ƙasar da aka ƙera, lokacin fitarwa, yawan kaya, matakin ciniki, da irin samfurin.

Kaya ba sa zama iri ɗaya ko masu kama sai in a ƙasa ɗaya aka ƙera su, kuma an fitar da su a lokaci ɗaya ko kusa da na naka. Wajen kamanni ana duba inganci da suna da tambari. Mu ƙaddara an gano cewa waɗancan guda 200 ne, masu rimot, ɗauke da sanannen tambari. Naka 1,200 ne, na maɓallin hannu, da sunan shagonka. Hoton fankarka kusa da bayanin samfurin ya isa ya nuna bambancin farko. Bambancin yawa kuwa ba a yarda da shi da baki, sai da hujja, kuma mafi kyawunta ita ce jadawalin farashin masana'anta da ke nuna, misali, dala 17 ga mai sayen ƙasa da 500, dala 14 ga mai sayen 1,000 zuwa sama, tare da alamar cewa jadawalin na kowa ne. Akwai kuma ƙa'idar da ake yawan mantawa da ita: in aka samu farashi fiye da ɗaya na kaya iri ɗaya ko masu kama, mafi ƙanƙanta ake ɗauka. Ka tambaya ko dala 22 ita kaɗai ce a hannunsu. In ka taɓa shigo da wannan fanka daga wannan masana'anta aka karɓi farashinta, lambar wancan shigarwar ta fi kowace hujja saurin aiki, don a rumbunsu take.

Fitar da kaya, gardama ta ci gaba

Kada ka bar kwantena a tasha kana jiran hukunci. Abin da ake jayayya a kai a misalinmu shi ne 9,472 a cire 6,784, wato dala 2,688. In kuɗin jinkirin kwantena da na ajiyar tasha sun kai dala 100 a rana, cikin kwana 27 sun cinye wannan kuɗi gaba ɗaya, kuma ko ka ci ƙorafin babu mai mayar maka da su, domin kamfanin jirgi da masu tasha ba ruwansu da rigimarka da kwastam.

Sashe na 13 ya ce in ƙayyade daraja zai ɗauki lokaci, mai kaya yana iya ɗaukar kayansa in ya ba da isasshen lamuni, na banki ko ajiyar kuɗi ko makamancinsu, da zai rufe harajin da ka iya hawa. Yarjejeniyar sauƙaƙa ciniki ta Ƙungiyar Ciniki ta Duniya da ta fara aiki a 2017 ta ƙarfafa wannan, ta ce kada lamunin ya wuce abin da ake buƙata don tabbatar da biyan. Don haka ka biya dala 384 da ka amince da ita, ka nemi a karɓi lamuni a kan 2,688. Wasu ƙasashe suna wajabta biyan dukkan kuɗin kafin a saurari ƙara, kuma yarjejeniyar darajar kaya ba ta hana su ba. In haka dokar take, ka biya, amma ka shigar da takarda a ranar ko kafinta cewa biyan ba amincewa ba ne, kana riƙe da haƙƙin ƙorafi da neman a mayar maka. Ka gargaɗi ejan kada ya sa hannu a kan wata takardar amincewa da sabuwar daraja ba tare da ka karanta ba. Shi burinsa fayil ya rufu, wannan aikinsa ne, amma a idon doka kai ne mai kaya.

Kafin kwantena ta fita, ka nemi a rubuta sakamakon binciken kaya yadda ya kamata, ka ɗauki hotunan fanka da kwali da farantin da ke jikin injin, ka ajiye guda biyu da ba a buɗe ba. Bayan kaya sun watsu a kasuwa, babu abin da za ka nuna wa mai sauraron ƙara sai waɗannan.

Rubuta ƙorafin

Sashe na 11 ya ba ka haƙƙin ɗaukaka ƙara ba tare da an hukunta ka don ka ɗaukaka ba. Yawanci matakin farko a cikin hukumar kwastam yake, wajen babban jami'i ko kwamiti, daga nan a wuce hukuma mai zaman kanta inda take akwai, sannan kotu. Haƙƙin zuwa kotu dole ne dokar ƙasa ta tanade shi. Kowane hukunci a rubuce za a ba ka, da dalilansa, da bayanin mataki na gaba.

Shafi biyu sun ishi takardar. Ka fara da abin da kake nema, da lambarsa: a karɓi darajar dala 21,200 bisa farashin ciniki, a soke cikon dala 2,688, a saki lamuni. Sai tarihin cinikin a taƙaice, kowace jimla tana nuni ga takarda mai lamba a fayil. Sai ka faɗi kuɗin kwalayen da cewa ka biya harajinsa, ka bayyana dalilin da ya sa kamashon wakilinka ba ya shiga. Sai ka ɗauki dalilan kwastam ɗaya bayan ɗaya ka amsa. Daga ƙarshe ka sa matsayi na biyu: ko da ba a karɓi farashin cinikina ba, kwatancen da aka yi bai cika sharuɗɗa ba, ga shigarwata ta baya ko ga jadawalin farashi da ya kamata a daidaita da shi. Wannan sakin layi yana da muhimmanci, don in babu shi, mai yanke hukuncin da bai gamsu da takardun bankinka ba ba shi da inda zai koma sai dala 22. Ka kafa hujja da sassan dokar kwastam ta ƙasar, domin da ita jami'in yake aiki, sassan yarjejeniyar su zo a matsayin ƙarin ƙarfi. Kada ka rubuta cewa kasuwa ta yi tsada ko za ka yi asara. Gaskiya ne wataƙila, amma ba ya cikin abin da aka ba shi ikon dubawa.

In sanarwar ta zo da tara, ka ware ta ka amsa daban. Saɓani kan daraja abu ɗaya ne, zargin ɓoye gaskiya da gangan wani abu ne, kuma da zarar ka ga kalmar zamba ko ƙwace kaya a takarda, lokacin ɗaukar lauyan da ya san dokar kwastam ya yi, kafin ka ba da wani bayani.

Idan hukunci ya zo maka da kyau, aiki bai ƙare ba sai an gyara shigarwar a na'ura ta nuna 21,200, an ba ka takardar sakin lamuni ka kai banki, ko an mayar maka da kuɗinka. Neman mayarwa ma yana da nasa wa'adin. Ka adana hukuncin da fayil ɗin duka, domin kwastam suna iya dawowa binciken littattafai shekaru bayan fitar kaya. A oda ta gaba kuma ka sa masana'anta ta rubuta kuɗin kwali a cikin inbois, ka biya ta asusun da ke ɗauke da sunanta, ka ba ejan kwafin hukuncin ya haɗa da takardun shigarwa tun ranar farko.